Mun yi awa biyu a waya, kowa ya tashi da nasa zancen

Assalamu alaikum. Mu bakwai ne a wurin mahaifiyarmu, ni ce ta biyar. Ɗakin Hajiya yana yoyo tun daminar bara, sai muka yi kiran guruf a WhatsApp, kusan awa biyu, aka rabu a kan za a gyara kafin ruwa ya sauko. Sati uku ba abin da ya motsa. Na zauna na rubuta duk abin da na tuna kowa ya faɗa na tura guruf. Yayana da ke Jidda ya ce shi bai taɓa cewa zai ba da dubu ɗari biyu ba, Yaya Babba kuma ya kira ni ya ce tonon silili nake yi wa manya. Autanmu da ke zaune da Hajiya ya ce shi ya gaji, komai shi. Ranar Lahadi za a sake kira. In yi shiru ne, ko akwai yadda zan rubuta abin ba tare da an ga na yi rashin kunya ba?

Wata 'yar'uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki yi shiru, amma kuma kada ki sake rubutu irin na farko. Niyyarki ba ta da aibu. Inda aka samu matsala shi ne lokacin da kika yi rubutun da kuma abin da kika zuba a ciki. Duk rubutun da aka yi bayan sati uku, daga ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, yana ɗauke da "wane ya ce, wance ta ce", to kama yake yi da shaida a gaban alƙali, kuma kowa zai karanta shi ne yana neman inda aka ci masa fuska. Abin da kuke bukata gajere ne ƙwarai: me aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe. Kuma a cikin kiran ake haɗa shi, kowa yana ji, kafin a yi sallama.

Bari mu fara da yi wa yayyenki adalci, don zai sauƙaƙa miki. Mai yiwuwa na Jidda ba ƙarya yake yi ba, ke ma ba ƙarya kika yi ba. A kiran mutum bakwai sabis yana ɗaukewa, murya tana makara, mutum ya faɗi ya dawo bayan minti uku bai san an wuce wani zance ba. Wani ya ce "ai ɗari biyu ba za ta gagare ka ba", shi kuma ya ce "to, Allah ya hore". Ke kin ji alkawari, shi addu'a ya yi. Ki ƙara da cewa duk wanda ke ƙasar waje ya saba a ɗora masa kaso mafi tsoka ba tare da an tambayi halin da yake ciki ba, sai ki gane dalilin da ya sa ganin adadi kusa da sunansa ya tunzura shi. Yaya Babba kuwa, shi ne ya jagoranci kiran da bai haifar da komai ba, saƙonki ya nuna wa kowa hakan, kuma daga ƙanwa ya fito. Zafin ke nan. Auta shi ne ya fi kowa gaskiya a kukansa, zan dawo kansa.

Akwai wani abu a harshenmu da ke cin irin waɗannan tarurruka, kuma in kin kama shi kin gama rabin aiki. Muna da "a" ɗin nan mai ɓoye mai aiki: za a nemo kafinta, sai a duba, a tura kuɗi, a gaya wa Hajiya. Jimla ce cikakkiya, tana da daɗin ji, tana da ladabi tunda ba ta nuna kowa da yatsa ba, amma babu mutum a cikinta. Kowa ya ajiye waya yana ganin "a" ɗin wani ne. Saboda haka aikinki ranar Lahadi shi ne duk inda kika ji "za a", ki jira a numfasa ki ce, "Yaya, wa zan rubuta a nan?" Tambaya ce, ba umarni ba, kuma amsar daga bakin babba za ta fito. Haka "to", da "ba damuwa", da "in sha Allah" ba tare da rana ba, da shirun wanda ya kashe makirfo: duk ba karɓar aiki ba ne. Karɓa ita ce mutum ya ce da bakinsa, ni zan yi, ranar kaza, in sha Allah.

Kafin Lahadi ki kira Yaya Babba shi kaɗai. Ki ba shi haƙuri a kan yadda saƙon ya fita, ba sai kin ce abin da ke ciki ƙarya ne ba. Sannan ki roƙe shi abu biyu. Na farko, a farkon kira shi da kansa ya ce ya sa ki riƙa rubuta abin da aka tsayar. Na biyu, ya bar miki minti biyar na ƙarshe ki karanto. Da zarar shi ya naɗa ki, kin tashi daga mai tonon silili kin koma 'yar aikensa, kuma duk wanda zai yi gardama da takardar da shi zai yi. Ki kuma nemi ya tura guruf tun ranar Asabar abubuwan da za a yanke, kada su wuce uku, da lokacin kira a agogon kowa. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, don haka ƙarfe 8:30 na dare a Zariya 10:30 ne a Jidda. Idan kira ya kai awa biyu, to mutumin da ake son ya yi magana a kan kuɗi yana amsawa ne bayan sha biyun dare, ido na rufewa. Minti 40 ya isa abu uku.

Ranar kiran ki tanadi takarda da biro, wayar kuma ki sa iyafis ko ki buɗe sifika don hannunki ya samu sarari. Kada ki ce za ki riƙa bugawa a wayar da kike kira da ita, za ki rasa zance. Ki ja layi biyu a tsaye, shafin ya kasu uku: abin da za a yi, mai yi, rana. A ƙasa ki ware wuri ki rubuta "ba a yanke ba". Mafi yawan abin da za a faɗa ba zai shiga takardar ba, kuma haka ya kamata. Labarin yadda aka yi rufin tun zamanin marigayi, ƙorafin kafintan da ya cuci maƙwabta, wanda ya ɗaga murya da wanda ya yi fushi, duk ki bar su su wuce. Biro yana motsi ne kawai idan an tsayar da abu, ko an ɗauki aiki, ko an bar wata tambaya a buɗe. Kira na minti 40 da wuya ya ba ki fiye da layi biyar ko shida. Idan kin ga kin kai goma sha biyar, hira kike rubutawa.

Kowane layi ki gwada shi da tambaya ɗaya: idan ranar ta zo, za a iya cewa an yi ko ba a yi ba, babu musu? "A duba maganar rufi" ba ta ci wannan jarrabawa ba, domin wanda ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ma ya duba. "A kawo kafintoci biyu su hau su gani, kowanne ya ba da ƙiyasi a rubuce, kuɗin kaya daban kuɗin aiki daban, a ɗauki hoto a tura guruf" ta ci. Mai yi kuma suna ɗaya ake sawa. Ba "maza", ba "na Kano", ba "mu duka". Ko da mutum biyu za su tafi tare, sunan wanda za a tambaya shi ake rubutawa, don aikin mutum biyu kowa jiran ɗan'uwansa yake. Rana ma sai ta zama wadda ke kan kalanda. "Kafin damina", "bayan Sallah", "in an yi albashi", "cikin satin nan" duk suna miƙewa kamar roba. Ki sa sunan rana da kwanan wata tare, domin in kin yi kuskure a ɗaya, ɗayan zai tona. Ranar kuma daga bakin mai aikin za ta fito. Wanda ya zaɓi Laraba da kansa ya fi jin nauyinta a kan wanda aka yanka masa Litinin.

Ina zaton abin da ya kashe kiranku na farko shi ne an fara da rabon kuɗi alhali ba a san kuɗin aikin ba. Ba wanda zai ɗaure kansa da adadi a kan abin da ba a auna ba. Ki lura da jerin abubuwa: ƙiyasi ne farko, sai zaɓi tsakanin faci da sauya kwano gaba ɗaya, sai rabo, sai tara kuɗi, sai ranar aiki. Ranar Lahadi mai yiwuwa matakin farko da na biyu kawai za ku iya sa wa rana. Wannan ba gazawa ba ce. Layin da ya dogara da wani layin, a rubuta shi a ƙarƙashin "ba a yanke ba" tare da ranar da za a koma kansa.

Idan minti biyar ɗinki suka zo, ki fara da tabbatar da cewa kowa yana kan layi, ki kira su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ki karanta layi ɗaya, ki tsaya, mai aikin ya amsa. "Na ɗaya, Auta zai kawo kafintoci biyu, ƙiyasi ya shigo guruf zuwa Laraba da dare. Auta, haka ne?" Sai ya ce haka ne, ko ya ce Laraba ta yi kusa a mai da shi Alhamis, ki gyara nan take. A nan ne ake kama saɓanin fahimta tun yana ɗanye, kuma za ki yi mamakin yadda ake samunsa a layin da kike ganin kowa ya gane. Wanda sabis ɗinsa ya yanke a wannan lokaci, ko bai halarta ba sam, ba a rubuta masa aiki kamar ya karɓa. Sai dai a rubuta cewa wane zai tuntuɓe shi zuwa rana kaza.

A ce kiran ya faɗo ranar 5 ga Afrilu. Ga irin saƙon da zai fita, da sunan kowa yadda kuke kiransa a gida:

Abin da aka tsayar a kiran Lahadi 5 ga Afrilu, kan rufin ɗakin Hajiya. Mutum shida sun halarta, Anti ta Kaduna ba ta samu shiga ba.
1. Kafintoci biyu su duba rufi, ƙiyasi a rubuce ya shigo guruf. Auta. Laraba 8 ga Afrilu, ƙarfe 9 na dare.
2. Tura wa Auta ₦10,000 na zirga-zirga da sallamar kafintoci. Yaya Babba. Litinin 6 ga Afrilu.
3. Jin ra'ayin Hajiya kan ɗakin da za ta koma lokacin aiki. Ni. Alhamis 9 ga Afrilu.
4. Sanar da Anti ta Kaduna abin da aka tsayar. Ni. Litinin 6 ga Afrilu.
Ba a yanke ba: faci ko sauya kwano duka, da kason kowa. Za a yanke a kiran Lahadi 12 ga Afrilu, 8:30 na dare agogon Najeriya, 10:30 agogon Saudiyya.
Wanda ya ga kuskure ya faɗa kafin gobe da isha'i.

Ki duba abin da babu a ciki. Babu wanda aka ce ya ce wani abu, babu dalilai, babu tarihin wanda ya yi jinkiri. Duka yana shiga fuskar waya ɗaya ba sai an ja ƙasa sosai ba. Kuma da gangan na sa sunanki a layi biyu: mai rubutu da ba ta ɗauki komai ba, tana raba wa yayyenta aiki, ba za ta yi farin jini ba.

Ki tura shi cikin rabin awa da gama kira, tun zancen yana kunnen kowa. In kina ganin Yaya Babba zai fi sakewa, ki fara tura masa shi kaɗai, ya duba, shi ya sa a guruf da hannunsa. Asarar minti goma ce da ta fi riba. Daga nan a maƙale saƙon a saman guruf: ki danne shi, ki zaɓi Pin, zai ba ki awa 24 ko kwana 7 ko kwana 30, ki ɗauki kwana 7 tunda akwai kira na gaba. In WhatsApp ya ƙi, wataƙila an taƙaita wannan ga masu kula da guruf ne, sai ki nemi ɗayansu ya yi. Gyaran rubutu da Edit yana yiwuwa ne cikin minti 15 kacal da turawa. Bayan haka, in an kawo gyara, ki sake turo jerin gaba ɗayansa da "gyara na 2" a kansa, ki cire na farko daga sama. Kada a bar gyara a warwatse cikin amsoshi, wani ya karanta tsoho wani ya karanta sabo. Ki kuma duba ko an kunna saƙonni masu ɓacewa a guruf ɗin, kada takardarku ta goge kanta bayan kwana bakwai.

Za ki iya danne saƙon ki shiga Info ki ga wanda ya buɗe, amma buɗewa ba yarda ba ce. Ga sauran jama'a shiru har wa'adin gyara ya wuce ya wadatar. Masu aiki kuwa, kowanne ya amsa da lambar layinsa, ko da "na 2, na karɓa" ne. Idan akwai wanda karatun boko ke yi wa nauyi, ko Hajiya tana son ji, ki karanta jerin nan a saƙon murya da bai wuce minti ɗaya ba, kalma da kalma, ba ƙari ba sharhi. Rubutun shi ne asali, muryar rakiya ce, domin ba wanda zai koma ya nemo kwanan wata a cikin saƙon murya na minti tara.

Wataƙila wani ya ce a riƙa naɗar kiran kawai a huta. Ban ba ki wannan shawara ba. WhatsApp ba shi da maɓallin naɗar kira, sai an bi ta wata hanya, kuma naɗar muryar 'yan'uwa ba da saninsu ba ya fi abin da ya faru a baya muni nesa. Ko da sun yarda, mutane suna kame baki in sun san ana ɗauka, sannan wa zai zauna ya sake sauraron awa guda don ya ciro layi huɗu? In aka saurara ma, "to, Allah ya hore" ɗin nan za a ji, gardamar tana nan.

Maganar kuɗi, idan Lahadi ta biyu ta zo, tana son kulawa ta daban. A ce ƙiyasin da aka zaɓa ya kama ₦420,000. In an raba bakwai, ₦60,000 ne kowa. In an ce Auta ya huta tunda shi ne ke tsaye a kan aikin, shida za su ba da ₦70,000 kowanne. Ni na fi karkata ga na biyun, domin wanda ke kwana da bokiti a ɗakin Hajiya, yake bin kafinta, yake zuwa kasuwa sayen kwano da ƙusa, ya riga ya biya nasa da jiki. Ki lura kuma kada jerin ya zama layi shida biyar na Auta ne don kawai shi ke kusa. Kiran mai sayar da katako a ji farashi, karɓar kuɗi, riƙe lissafi, duk ana yin su daga ko'ina. Amma kada a tambayi mutum abin da zai iya bayarwa a gaban mutum shida. Wata sai ta yi shawara da maigidanta, wani yana cikin matsin da bai faɗa ba. A yanke jimla da tsarin rabo a kira, mutum ɗaya ya zama mai karɓa da asusu ɗaya, shi ya bi kowa a keɓe. A guruf ana iya rubuta "an tara ₦280,000 cikin ₦420,000, saura ₦140,000" ba tare da jera sunayen waɗanda ba su biya ba. Idan kuma wani ya ce zai fitar da kuɗin duka a biya shi daga baya, to wannan bashi ne, a rubuta adadinsa da ranar biya ƙarara. Wanda ya ga kamar rashin yarda ne, a tuna masa aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da rubuta bashi zuwa ajali ambatacce.

Saura bibiya. Ana gobe wa'adi ki tuna wa mai aiki a keɓe, da sigar tambaya: "Yaya, gobe ne maganar nan, akwai abin da zan taimaka?" In ranar ta wuce ba a yi ba, kada ki rubuta a guruf cewa wane ya gaza. Ki tambaye shi me ya tsaya, sannan ɗayan biyu: sabuwar rana, ko a sauya mai yi da yardarsa. Kira na gaba kuma ya buɗe da tsohon jerin, layi layi, an yi ko ba a yi ba, minti uku. Idan layi ɗaya ya tsallake wa'adi sau biyu, yawanci ba mantuwa ba ce. Ko dai mutumin bai yarda da abin ba tun farko kunya ta hana shi faɗa, ko ba shi da halin yi. Wannan Yaya Babba ne zai ji shi a keɓe, ba ke ba.

Idan Yaya ya ƙi ba ki wannan matsayi, kada ki ja. Ki ba shi shawarar ya ɗora wa wanda yake so, ki koya wa wancan layukan nan uku. In kuma kin ga kiran mutum bakwai ba ya taɓa tsayar da komai, ki kawo shawarar a wakilta uku, shi da Auta da mai riƙe kuɗi, su yanke su sanar, sauran su kawo gyara cikin kwana ɗaya. Shi kuma na Jidda, ki tura masa saƙo kafin Lahadi, gajere: kin rubuta abin da kika zaci kin ji ne, kin gane ba haka yake nufi ba, kuma ba za a sake sa adadi kusa da sunan kowa ba sai wanda ya faɗa da bakinsa. Kada ki ƙara da "amma". Ki kuma tambayi Auta tun yau ko akwai leda mai kauri da za a shimfiɗa a kan wurin da ke yoyon a danne da duwatsu, saboda ruwan farko ba ya jiran kira na biyu. In akwai, wannan ne layi na ɗaya a takardarki.